Gidan sauro, feshin ɗaki ko kashe tsutsa: da wanne ƙauye zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin lafiya na ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Auyo. Mun kai mutum 1,200, kuma gonakin shinkafar noman rani suna gabas da mu. Shekara biyu ke nan da aka raba mana gidan sauro, amma zazzaɓi bai ƙyale yaranmu ba. Mun yi karo-karo mun tara 'yan kuɗi. Samari sun ce a sayo maganin ƙwari na gona a feshe ɗakuna da kwatoci, a kuma zuba baƙin mai a kududdufi. Dattawa sun ce a jira gwamnati. Ina ya kamata mu sa kuɗin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya saka wa kwamitinku da alheri. Kada ku sayi maganin gona don feshin ɗaki, kuma kada a zuba baƙin mai a ruwa. Kada kuma ku naɗe hannu kuna jira. Kuɗinku ya fara tafiya kan gidan sauro, abin da ya rage ya tafi kan 'yan wuraren da ruwa ke kwanciya a cikin gari da rani, feshin ɗaki kuwa ku nema daga hukuma. Zan bayyana dalilin wannan jeri, domin idan ka riƙe dalilin za ka iya kare shi a gaban samari da dattawa baki ɗaya.

Ba kowane sauro ke ba da zazzaɓi ba. Mai yawan kuka a kunne da magariba, wanda ke tasowa daga kwata da masai, galibi shi ne wanda muke kira kiyuleks, kuma ba ya ɗauke da ƙwayar maleriya. Mai ba da ita shi ne anofilis, macen kaɗai, kuma mafi yawan cizonta cikin dare ne, daga lokacin da ƙafa ta ɗauke har zuwa asuba. Ita ma ba a ƙyanƙyashe ta da cutar ba. Sai ta ciji mai ƙwayar a jini, sannan ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinta kafin ta hau zuwa miyaunta. Kafin wannan wa'adi ya cika, ko ta ciji yaro ba abin da za ta ba shi. Ma'ana, tsohuwar sauro ce ke kisa, kuma yawancinsu ba sa kai wa wannan tsufan.

Ga lissafi mai sauƙi, a matsayin misali. A ce sauro 100 sun ciji mai zazzaɓi yau, kuma kowace rana 9 cikin 10 ne ke kai gobe. Bayan kwana 12 za a sami kusan 28 da rai, a shirye su zuba cuta. To a ce an sa musu tarko, gidan sauro mai magani ko bango mai magani, har ya zama 8 cikin 10 ne ke kai gobe. Bayan kwana 12 kusan 7 kacal za su rage. An ɗan rage musu kwana ne kawai, amma masu haɗarin sun ragu ninki huɗu. Idan kuwa tsutsa ka bi a ruwa, ka yi sa'a ka kashe rabi, to rabi ka rage, ba ƙari. Wannan ne ya sa duk abin da ke kashe babbar sauro a inda take zuwa neman jini yake gaba, aikin ruwa yake biye. Hanyoyin nan uku ba tsara ba ne. Kowacce tana tare sauro a wani mataki na rayuwarsa, kuma gwanintar ita ce sanin wadda za ta ɗauki nauyin aikin a garinku da wadda za ta zama mataimakiya.

Mu fara da gidan sauro, tun da shi kuke da shi. Mutane suna ɗaukarsa labule ne kawai mai hana cizo. Ya fi haka. Numfashi da ɗumin mai barci su ne ke jawo sauro, ta zo ta sauka a jikin raga, ta kwashi magani a ƙafafunta ta mutu. Shi ya sa idan yawancin gari suna kwana a ciki, har wanda ba shi da shi yana cin moriya, don sauron garin gaba ɗaya ba ya tsufa. Idan kuwa gida uku ne cikin goma ke ratayawa, masu ratayawa sun tsira da jikinsu, amma sauro zai ci gaba da tsufa a sauran ɗakuna.

Ƙa'idar rabo ita ce gidan sauro ɗaya ga mutum biyu. Wajen lissafin gari ana raba yawan jama'a da 1.8 saboda gidajen da yawansu mara ne, don haka ku mutum 1,200 kuna buƙatar kimanin 667. Wannan a ranar rabo ke nan. Yau shekara biyu, an yi haihuwa, an yi aure an buɗe sababbin ɗakuna, wasu sun yage, wasu sun koma shingen irin albasa da tattasai, wasu an tafi da su su a kogi, wasu kuma suna nan cikin leda a ƙasan akwati ana jiran baƙo. Aikin farko na kwamitinku ba ya cin ko sisi, sai littafi da biro. Ku raba samari da mata biyu-biyu, matan su shiga ɗakunan matan aure, su bi gida gida. Kada su tambayi "gidan sauro nawa gare ku?", don kowa zai ba da amsar da yake zaton za ta kawo masa sabo. Su ƙirga shimfiɗa: gado, katifa, tabarma, duk inda mutum ya kwana daren jiya. A kan kowace shimfiɗa su duba da ido ko akwai gidan sauro a rataye, su buɗe shi su ga ramukansa. Kada a manta da zaure inda samari ke kwana, da makarantar allo, da bukkokin masu gadin gona. Wuraren nan uku su ne rabo ya fi tsallakewa, kuma jininsu ne sauron gari ke ɗebo ƙwaya daga ciki.

Ramin da babban yatsa ko dunƙulen hannu zai shiga, allura da zare sun ishe shi, ko a ƙulle wurin. Wanda kai zai shiga ta wurare da dama ya gama aiki, a sa shi cikin lissafin waɗanda za a maye. Ina matsa wa kan ɗinki ne saboda wani dalili da ya shafi yankinku kai tsaye. Masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano sun gwada sauron Auyo, suka tarar ya yi taurin kai sosai ga famitirin, wato ɗaya daga cikin dangin maganin da ake kira fairetiroid, wanda shi ne ke jikin gidajen sauro na da. Lokacin da sauro ke mutuwa da zarar ya taɓa raga, ɗan rami ba wani abu ba ne, don kafin ya lalubo shi ya faɗi. Yanzu da yake jurewa, yana da lokacin zagayawa har ya sami ƙofar. Don haka in za ku sayi na cike gibi, ku karanta ledar. Ku nemi wanda aka rubuta haruffan PBO a jiki, wato an ƙara masa sinadarin da ke karya garkuwar da sauro ya yi wa maganin, ko kuma mai magani biyu wanda aka haɗa da kulofenafir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita a shekarar 2023 a wuraren da sauro ya yi irin wannan tauri. Ku duba lambar rajista, ku kuma bi ta hannun jami'in maleriya na ƙaramar hukuma, domin kasuwa cike take da raga ta ado marar magani. Mai ciki kuwa ta tambaya a wurin awo, mai jego a wurin rigakafi, ana bayarwa idan akwai.

Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, wannan ke rage ƙaiƙayin fuska da ke sa wasu su jefar da shi tun daren farko. Wanki da sabulu mai sauƙi, ba da garin wanki mai kaifi ba, ba a dirje shi a kan dutse, a shanya a inuwa, kuma ba sai kowane mako ba. An yi maganin ya jure wanki kusan 20 a cikin shekara uku. Mai wanke shi duk Juma'a ya cinye wannan kafin wata shida.

Akwai abin da na sha gani a ƙauyukan da ke bakin ruwan noman rani, kuma ina zaton naku ma haka ne. Gidajen sauro suna nan a ɗaki a rataye tsaf, amma daga bazara har ruwa ya sauka sosai ba wanda ke kwana a ɗaki. Kowa yana tsakar gida a kan tabarma saboda zafi. A garin da ba ruwa da rani wannan ba ya da haɗari sosai, don sauron bazara kaɗan ne. Ku kuwa kanal ya hana sauronku hutu. Maganin abin sanda huɗu ne a kafe a tsakar gida, ko igiya daga rumfa zuwa katanga, a fito da gidan sauron waje da dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina, da safe a mayar da shi inuwa don rana tana cin maganin. Yara kuma a sa su ciki da zarar barci ya ɗauke su bayan isha'i, ba sai uwa ta gama hira ta kwashe su ba. Idan da ƙaramin kuɗi ya rage, a toshe ratar da ke tsakanin kan bango da rufi da laka, don ta nan anofilis ya fi shiga ɗaki, a kuma sa wa taga raga.

Yanzu feshi. Abin da samarinku ke nufi da abin da ma'aikata ke nufi da feshin ɗaki abubuwa biyu ne daban. Wanda ake fesawa a iska da dare, ko fiya-fiya da ake yayyafawa a ƙasa, yana kashe sauron da ke ɗakin a wannan sa'a, gobe wasu su shigo. Feshin hukuma bango ake shafe wa magani, domin macen sauro idan ta sha jini ta yi nauyi, takan sauka a bango ko a rufi ko bayan kaya ta huta kafin ta fita neman wurin ƙwai. Ana so duk inda ta sauka, watanni bayan an yi feshin, ta tarar da ajalinta. Don haka maganin an yi shi ne musamman, gari ne ko 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke zama a fuskar bango. Maganin gona mai kama da mai, bangon ƙasa shanye shi yake yi, kwana kaɗan ba komai a sama sai warin da yara za su shaƙa. Ga kuma babbar illa: da yawa daga cikin magungunan ƙwarin da ake fesa wa wake da shinkafa da tumatir dangi ɗaya ne da na gidan sauro, kuma ana ganin wankinsu da ke gangarawa cikin ruwan gona yana daga cikin abin da ya koya wa sauronku juriya tun yana tsutsa. In kuka kai shi ɗaki, kun ƙara horar da sauron ne a kan makamin da kuke dogaro da shi.

Dubi yadda aikin yake idan za a yi shi daidai. Mai feshi yana tsayawa da bakin famfo santimita 45 daga bango, yana sauke layi mai faɗin santimita 75 daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya hau kan na baya da santimita 5, bango mai tsawon mita 2 a cikin kusan daƙiƙa 5. In ya yi sauri magani bai isa ba, in ya yi nawa ya zuba ƙasa. Tanki ɗaya yana rufe murabba'in mita 250. A ce ɗakunanku mita 4 ne ta kowane gefe, tsawon bango mita biyu da rabi. Bango huɗu sun ba da murabba'in mita 40, rufi 16, jimla 56. Tanki ɗaya bai wuce ɗaki huɗu da rabi ba ke nan. In ɗakunan kwana a garinku sun kai 500, ana maganar murabba'in mita 28,000, wato tanki 112, kowanne da kwalbarsa ta magani. A wannan lissafi ba a sa kayan kariya ba, ba a sa horar da masu feshi ba, ba a sa ramin da za a wanke tankuna don kada ruwan ya gangara ya kashe kifi ba. Sannan sai an fesa aƙalla ɗaki 8 cikin 10, a wurinku 400 ke nan, kafin gari ya ga amfani. A fesa ɗaki 100 kuɗi su ƙare, an yi asara ne kawai, sauro zai huta a sauran 400. Kuma aikin na kowace shekara ne, ana gamawa dab da saukar damina don ƙarfin maganin ya riski marka da farkon kaka, lokacin da zazzaɓi ke kai wa maƙura.

Ku da ke Jigawa kuna da darasi a kusa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban aiki a ƙasar Garki, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kano. A daminar 1972 da ta 1973 an feshe ƙauyuka da magani mai suna furofoksa, da ƙwararrun ma'aikata da sa ido sosai, a wasu ƙauyukan har aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi. Sauro ya ragu ƙwarai, inda aka haɗa da magani kuwa masu ƙwayar a jini suka ragu matuƙa. Duk da haka ba a katse yaɗuwar cutar ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron yankin ba ya hutawa a bangon ɗaki, yana ci ya fita waje. Feshi yana aiki, ban ce ba ya yi ba, amma ko a hannun gwanaye yana da iyaka a irin ƙasarmu, balle a yi shi sau ɗaya da kuɗin karo-karo.

Abin da kwamiti zai yi a nan shi ne ya rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ta hannun dagaci, da lissafin ɗakuna da na masu zazzaɓi, ya nemi a sa garin cikin tsari idan jiha za ta yi feshi. In an zo, tambaya ta farko: wane dangin magani ne? Ƙa'ida ita ce kada na bango ya zama dangi ɗaya da na gidan sauro, don wanda ya tsira daga wannan ya faɗa a wancan. Irin su firimifos-metil da kulotiyanidin ake amfani da su saboda haka. Ranar feshi a fitar da abinci da ruwa da kwanuka, a tara manyan kaya a tsakiya a rufe, a ɗaure dabbobi nesa, kowa ya zauna waje awa biyu, sannan a buɗe ƙofa da taga rabin awa, a share matattun ƙwari a zuba a masai kada kaji su ci. Ku kuma daidaita da mata tun da wuri: duk mai niyyar yaɓe ko shafa farar ƙasa saboda salla ko biki ta yi kafin feshi. Yaɓe ɗaya bayan feshi ya binne aikin gaba ɗaya. Kuma feshi ba ya sauke gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ja kunne cewa kada a kawo hanya ta biyu don rufe sakacin da aka yi a ta farko.

Sai ruwa, inda ƙarfin samarinku zai yi amfani da gaske in an nuna musu wurin. Kafin a taɓa kowane ruwa a fara dubawa. A sami farin kwano ko ludayin roba fari a ɗaura a sanda. Mutum ya tunkari ruwan yana fuskantar rana don kada inuwarsa ta faɗa a kai, domin tsutsar na ganin inuwa take nutsewa. Ya ɗebi saman ruwan daga gefe a hankali, ya jira ya lafa. Tsutsar anofilis tana kwanciya ne a miƙe a fuskar ruwa kamar tsinken ashana, in an taɓa ta sai ta zame gefe. Ta kiyuleks tana rataye kai ƙasa a karkace, da ɗan bututun numfashi a wutsiya. Yaro ɗan firamare zai iya bambance su a rana ɗaya.

Abin da za ku gani zai ba ku mamaki. Baƙin ruwan kwata mai wari zai cika kwano da masu rataye. Masu kwanciya kuwa za ku same su a ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun shanu a taɓon bakin mashaya, tafkin da ke taruwa a ƙasan famfon tuƙa-tuƙa, sabon ramin da aka haƙa don bulo, sawun tayar mota, yoyon da ke tsattsafowa a gindin kanal. Na taɓa duba wani famfo da ruwansa ya malala ya yi taɓo, shanu suka tattake. Sawu ɗaya, ruwan cikinsa bai fi cikin moɗa ba, amma da na ɗebo sai ga su jere a sama, manya da ƙanana, alhali babban kududdufin da ke bayan gari, wanda kowa ke zargi, tsakiyarsa ba komai sai a 'yan gefunan da ciyawa ta kwanta. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Saboda haka duk ruwan da ke bushewa cikin kwana huɗu ko biyar ba abin damuwa ba ne. Wanda ya haura mako, a rubuta shi.

Aikin tsutsa yana biya ne idan wuraren sun cika sharaɗi uku: kaɗan ne, ba sa canza wuri, kuma ana iya gano su. Da marka, a ƙauye, ba ɗaya da ke cika, ko'ina ruwa ne, ka cike goma yau gobe a wayi gari da ɗari. Da rani kuwa, daga bayan kaka har zuwa bazara, ana iya zagaye gari a ƙirga su da yatsa. Lokacin ne za a yi wa famfo daɓen siminti da 'yar hanya zuwa rami mai cike da duwatsu da tsakuwa, ko a kai ruwan gindin ayaba ko zogale. Lokacin ne za a cike ramukan bulo da aka gama da su, mai unguwa kuma ya ware wuri ɗaya na haƙar ƙasa nesa da gidaje. A zuba tsakuwa a bakin mashaya don kofato ya daina barin sawu. Wannan aiki ne na cebur da baro da buhun siminti kaɗan, kuma ba ya ƙarewa kamar magani.

Ruwan da ba a iya cikewa, kamar kududdufin da dabbobi ke sha, shi ake sa wa maganin tsutsa. Mafi dacewa shi ne wanda ake rubuta wa Bti, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Tsutsa ce ke cinsa ya fasa mata ciki, ba ya cutar da kifi ko dabba ko mutum. Iyakarsa biyu: ba ya daɗewa, sai an maimaita kusan kowane mako, kuma ba ya kashe wadda ta riga ta dunƙule tana shirin fitowa, don ita ta daina ci. Ana watsa shi a gefe-gefe, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin buhu, a dawo washegari ko jibi da farin kwano. In har akwai manyan tsutsa suna motsi, ko awo bai isa ba ko an tsallake wuri. Baƙin mai kuwa guba ne ga dabbar da za ta sha, yana kashe kifi da kwaɗi da ƙwarin ruwan da ke cin tsutsar, iska ta tattara shi gefe ɗaya, sauro ya dawo ya tarar ba mai cinsa.

Gonakin shinkafa su ne abin da ya fi ƙarfin aljihunku, gara in faɗa maka kai tsaye. Ba kwamitin da zai iya sa wa fangulan shinkafa magani duk mako. Abin da ke yiwuwa shi ne sarrafa ruwan. Tsutsa ta fi yawa a makonnin farko bayan dashe, lokacin da ruwa ke kwance rana na dukansa. Da shinkafa ta rufe ta yi inuwa sai ta ragu. Idan manoman da ke kusa da gari suka yarda suna ba da ruwa su bari ya tsotse har fuskar ƙasa ta bayyana kafin su sake sakowa, ba tare da ruwan ya kwana bakwai a tsaye ba, tsutsa ba ta kai wa ga tashi. Shinkafa tana jure wannan, ban da lokacin da take fitar da kai. Sharaɗin shi ne fangali ya zama a baje sosai. In yana da kwari da tudu, janye ruwan zai bar 'yan tafkuna birjik, waɗanda anofilis ya fi so fiye da cikakken fangali. Wannan magana ce da za a zauna da ƙungiyar masu amfani da ruwa, a fara da gonakin da ke cikin kilomita ɗaya daga gidaje, a haɗa da gyaran yoyon ƙananan hanyoyin ruwa. Gidajen gabas kuma, su da sauro ke fara isa, su za a fara cike wa gibin gidan sauro.

Ta yaya za ku san ko aikin yana ci? Kada ku auna da kukan sauro a kunne, don kiyuleks zai ci gaba da damun mutane ko da anofilis ya ragu, kuma a nan ne jama'a ke karaya su ce ba a yi komai ba. Ku gaya musu wannan tun farko. Ku zaɓi ɗakuna kamar goma, wasu a gabas wasu a yamma. Sau ɗaya a wata, da sassafe kafin a buɗe ƙofa sosai, a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, a fesa maganin sauro na gwangwani, a rufe minti goma, a tattara abin da ya faɗo. Anofilis yana da ɗigo-ɗigon fari da baƙi a gefen fiffike, kuma in yana raye a bango yakan ɗaga bayansa sama. A ƙirga su, a ware masu jan ciki da jini. Yawan masu jini a ɗakin da ke da gidan sauro yana nufin ko raga ta yage, ko wani na kwana a waje da ita. Sannan ku roƙi ma'aikacin asibitinku ya riƙa ba ku adadin waɗanda gwajin jini ya tabbatar suna da maleriya kowane wata, ba duk mai zafin jiki ba, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Ku gwada Satumbar bana da Satumbar bara, ba Satumba da Maris ba. Kuma ku ba shi lokaci: tsakanin kwanakin da ƙwaya ke yi a cikin sauro da waɗanda take yi a jikin mutum kafin ya kwanta, abin da kuka yi yau ba zai bayyana a littafin asibiti ba sai bayan mako uku ko huɗu.

Maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, sau ɗaya a wata, ba ya cikin yaƙi da sauro, amma kwamitinku ya tsaya a kansa. Ma'aikata na ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Masu bin gidaje ƙirgar shimfiɗa su riƙa tambayar wannan ma, su duba katin yaron.